Na haɗa robusta da harari a dalla, masu saye sun fara janyewa

Mai Bufiya, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata damuwa da nake son waɗanda suka san harkar gahawa su duba mini. Ina da 'yar bufiya, kuma gahawa iri biyu nake sayarwa. Akwai ta dalla, wato butar gahawar Larabawa, irin ta mutanen ƙasar nan, mai hel, wadda ake sha da dabino. Akwai kuma ta inji, wadda yawanci da madara ake sayenta.

Wata biyu da suka wuce na je sayen ɗanyen 'ya'yan gahawa, na tarar harari, wato na Harar ta Habasha, ya kai riyal 55 kilo, na Barazil da nake sa wa inji yana 40. Sai mai shagon ya nuna mini wani buhu ya ce robusta ce, wata irin gahawa daban, 28 kilo, kuma ta fi ƙarfi, in haɗa in rage kashe kuɗi. Na ɗauki kilo biyar. Na haɗa kilo biyu na harari da kilo ɗaya na robusta, na kai aka soya mini su tare, suyar nan mai haske da ake yi wa gahawar dalla.

Tun ranar farko wani dattijo da ke zuwa kullum bayan Asuba ya kurɓa, ya riƙe finjalin yana kallon cikinsa, ya ce "Yau me ya samu gahawarka?" Bai karɓi na biyu ba. Ni ma da na ɗanɗana na ji wani abu kamar ɗanyar gyaɗa da ɗaci mai kama harshe. Na ƙara hel, bai ɓoye ba. Yanzu ina da ragowar kilo huɗu a ajiye. Robustar ce ba ta da kyau, ko ni ne ban iya haɗi ba? Kuma in sa ta a inji ko in haƙura da ita?

Hajiya Babba, Makka

Wa alaikumus salam ɗana. Ai dalla ba ta ɓoye aibi. Ruwa ne da gahawa da hel, ba sukari ba madara, to me zai rufa mata asiri? Shekara talatin ina dafa wa baƙi a gidan nan, harari nake saye, in hali ya yi in ɗan haɗa da khaulani. Sau ɗaya wata maƙwabciya ta kawo mini wata mai araha, tun a kasko na ji ƙanshin ba shi ba ne. Ka koma wa abin da ka saba, dattijon nan zai dawo.

Ɗan Mai Wurno, Riyad

Malam an cuce ka kawai. Robusta ba gahawa ba ce, ita ce ake yin kofin gwangwani da ita. Mu a Sudan bun ɗin Habasha muka sani, wanda ke shigowa ta Galabat zuwa Gadarif. A soya shi a kan gawayi har ya yi baƙi yana maiƙo, a daka a turmi, a sa citta, a zuba a jabana, butar gahawarmu. In ƙarfi kake nema to suyar za ka ƙara, baƙar suya ita ke kawo ƙarfi. Ka zubar da robustar nan.

Baban Hafsa, Jidda

Sannunku. Ni aikina ke nan, shekara goma sha ɗaya ina tsaye gaban injin suya a mahmasa, wato shagon suyar gahawa, don haka bari in ɗan yi tsawo.

Mai Bufiya, kada ka zubar da komai tukuna. Abin da ya faru da kai ba lallai laifin buhun ba ne. Ka sa robusta a wurin da ya fi ko'ina tona mata asiri.

Harari, khaulani da na Barazil ɗin da kake saye duk dangi ɗaya ne, arabika. Ƙwayar arabika ta fi sukari na halitta da maiƙo, kusan kashi 6 zuwa 9 cikin ɗari na nauyinta sukari ne, maiƙo kuma wajen kashi 15. Robusta sukarinta bai kai haka ba, maiƙonta wajen kashi 10 ne, amma ta fi yawan sinadaran da ke kawo ɗaci da bauri. To gahawar dalla suyarta mai haske ce, ana sauke ta tana launin ƙasa-ƙasa mai ruwan zuma, wuta ba ta ratsa ta sosai ba. A wannan matakin arabika tana da abin nunawa, ɗan zaƙi da ɗan tsami mai daɗi da ƙanshin da ke tafiya da hel. Ita robusta a wannan matakin ba ta nuna ba. Abin da ke fitowa daga cikinta shi ne ɗanɗanon hatsi da ɗanyar gyaɗa da itace, ga bauri. Daidai abin da ka ji ke nan. Daɗin robusta, in tana da shi, sai wuta ta ci ta sosai yake fitowa, ya koma kamar cakulan mai ɗaci ko gasasshiyar gyaɗa.

Sannan ka ƙara da soya su tare. Girman ƙwayoyin ba ɗaya ba ne, yadda suke karɓar wuta ma ba ɗaya ba. Mai suyar yana kallon harari ne ya sauke, robustar tana buƙatar ƙarin lokaci. Ga shi kuma gahawar dalla tafasa ta ake yi minti goma ko fiye, duk wani bauri da ke cikin ƙwayar sai ya fito cikin ruwan.

Don haka maganar Hajiya ita ce daidai a kan dalla. Ko kashi ɗaya cikin goma ban ba ka shawarar sawa ba. Maganar inji kuma daban ce, zan zo kanta.

Ɗan Mai Wurno, Riyad

To ai maganata ta fito. Ba ta da kyau.

Baban Hafsa, Jidda

Rabinta ta fito ɗan'uwa. Gaskiya ne yawancin kofin gwangwani da robusta ake yin sa, kuma gaskiya ne gahawar Habasha arabika ce. Amma abu biyu zan gyara maka.

Na farko, Sudan ta daɗe tana cikin manyan masu sayen gahawar Yuganda, kuma mafi yawan abin da Yuganda ke nomawa robusta ce. Wannan gahawar ba wucewa take yi ba, ana shan ta. Dalilin da ya sa mutum zai iya sha bai farga ba shi ne irin yadda kuke yin jabana: baƙar suya, citta mai yaji, sukari cokali biyu a ɗan ƙaramin finjali. Duk abin da dalla ta rasa na rufin asiri, jabana tana da shi.

Na biyu, baƙar suya ba ta ƙara kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci. Tana ƙara ɗaci, harshe ya ce maka ta yi ƙarfi, amma kafeyin ɗin da ke cikin ƙwaya wuta ba ta cika taɓa shi ba. Abin da ke canza yawansa da gaske shi ne irin ƙwayar da kuma yawan garin da ka zuba. Arabika tana da kusan kashi 1.2 cikin ɗari, robusta kusan 2.2, wato ta kusa ninka ta.

Ɗan Mai Wurno, Riyad

Maganar Yuganda ban musa ba, na san ana shigo da shi, ana kuma samun sa a kasuwar Omdurman. Amma mu a gidanmu na Habasha uwata ke zaɓa, da hannu take tsince shi a faifai, ba za a yi mata haɗi ba ta gane ba. A nan dai ban yarda ba.

Baban Hafsa, Jidda

Wanda ke tsince ɗanyen ƙwaya a faifai da wuya a ruɗe shi, wannan na yarda. Ai hanyar ganewar ke nan, kuma Mai Bufiya ya kamata ya koye ta. Ka ɗebi tafi ɗaya ka baza a farar takarda. Ƙwayar arabika doguwa ce, ta ɗan baje, tsagar da ke cikinta tana da lanƙwasa. Ta robusta ta fi gajarta da dunƙulewa, tsagarta a miƙe take. Harari yana iya ruɗa ka saboda shi kansa ƙwayoyinsa ba girma ɗaya ba ne, don haka tsagar za ka riƙa kallo, ba girman ba. Amma da zarar an niƙa, ido ya daina aiki. Shi ya sa mai sana'a ba ya sayen gari sai a wurin wanda ya amince da shi.

Direban Tirela, hanyar Madina

Ni ban gane ba. Arabika ba ita ce ta ƙasar Larabawa ba? To ya za a ce ta Barazil arabika ce? Kuma ni dai in robusta ta fi hana barci ita nake so, ina zan samu zallarta? Dare nake tuƙi.

Ɗalibi a Madina

Yaya Direba, sunan ne kawai. Asalin itacen daga tsaunukan kudu maso yammacin Habasha yake, amma ta Yaman duniya ta san shi, shi ya sa Turawa suka sa masa wannan suna. Yanzu Barazil ce ta fi kowa noma shi. A ƙasar nan ma ana noma shi a tsaunukan Jizan, wajen Dayir da Faifa, shi ne khaulanin da Hajiya ta ambata, sai dai bai kai ya wadatar da kasuwa ba.

Baban Hafsa, Jidda

Direba, zallar robusta za ta ba ka kafeyin kusan ninki biyu a kofi ɗaya, wannan gaskiya ne. Amma ka riƙe lissafi. Abin da likitoci ke cewa babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini. Giram 18 na zallar robusta, wato abin da ake zuba wa inji don kofi ɗaya mai ninki biyu, yana ɗauke da kusan 400 ɗin a cikin garin. Ba duka ke sauka a kofin ba, amma mafi yawansa yana sauka. Kofi biyu ka wuce iyaka, hannu ya fara rawa, zuciya na bugawa, kuma barcin da ka tara yana nan yana jiran ka. In ido ya yi nauyi a kan hanya ka tsaya ka kwanta, don Allah.

Mai Bufiya, Jidda

Na gode Baban Hafsa, Allah ya ƙara sani. Dalla dai na ji, na koma harari zalla tun shekaranjiya. Amma maganar kuɗi fa? Ni abin da ya kai ni ke nan. In na sa ta a inji ai zan rage wani abu ko?

Baban Hafsa, Jidda

To mu yi lissafin da farashin da ka kawo, ka gani da idonka.

Mu fara da dallar da ka riga ka yi. Kilo biyu na harari riyal 110, kilo ɗaya na robusta 28, jimla 138 a kilo uku, kilo ya tsaya maka a 46 maimakon 55. Ka rage riyal 9. In kana zuba giram 30 a dalla mai lita ɗaya, kilo zai ba ka dalla kusan talatin bayan an cire abin da suya ke ragewa. Wato halala talatin ka tsira da shi a kowace dalla, tunda halala ɗari ne riyal ɗaya. Kai da bakinka ka ce ka ƙara hel don ka rufe ɗanɗanon, kuma kowa ya san kilon hel ya fi kilon gahawa tsada nesa ba kusa ba. Da ƙyar in ba ka mayar da halala talatin ɗin nan a hel ba, ga dattijo ya ajiye finjali.

Yanzu inji. A ce ka haɗa kashi huɗu na Barazil da kashi ɗaya na robusta. Giram 800 na Barazil riyal 32, giram 200 na robusta riyal 5 da halala 60, kilo ya zama 37.6 maimakon 40. Ragin riyal 2.4 ke nan. Suyar inji tana cin nauyi, kilo ɗaya ɗanye yakan dawo wajen giram 840. In kana zuba giram 18 a kofi, kofi 46 za ka samu. Raba riyal 2.4 gida 46, halala biyar ne a kowane kofi. In kana sayar da kofi ɗari a rana, riyal biyar ka rage. Mutum ɗaya ya daina zuwa, ribar ta tafi har da uwar kuɗi.

Abin da nake so ka ɗauka shi ne, a ƙaramar sana'a irin taka, robusta ba hanyar rage kuɗi ba ce. Kuɗin kofinka yana cikin madara da kofin takarda da haya. Manyan kamfanoni masu sayen tan dubbai su ne wannan ragin ke yi wa amfani. In za ka sa ta, ka sa ta don aikin da take yi a kofi.

Mai Bufiya, Jidda

Wallahi ban taɓa raba shi a kan kofi ba, a kan buhu nake kallo. To wane aiki take yi a kofin?

Baban Hafsa, Jidda

Ka ce yawancin masu sayen ta inji da madara suke sha. Madara tana danne gahawa. Arabika mai laushi, in ka zuba mata madara cikin babban kofi, sai ta ɓace, mutum ya ji kamar madara mai ɗumi yake sha, ya ce maka "ƙara mini gahawa". Robusta kaɗan tana ba ta ƙashin baya. Ɗacin nan nata da kaurin jikinta suna ratsa madarar su fito, kuma idan suka gamu da zaƙin madara sai su koma kamar cakulan. Ga kumfa: robusta tana ba esfireso, wato gahawar inji, kumfa mai kauri da ke daɗewa a saman kofi. Shi ya sa mutanen Italiya, musamman na kudu, suka daɗe suna haɗa ta a gahawarsu ta inji.

Ga yadda zan yi da ni ne kai. Da farko ka gwada buhun kansa, don robusta ma suna suka tara. Ka tura hannu cikin buhun ka shinshina. In ka ji warin fumfuna ko na jiƙaƙƙen buhu, ko ka ga baƙaƙen ƙwayoyi da fasassu da masu hudar ƙwari da yawa, to wannan ba ta haɗi ba ce, ka mayar wa mai ita. In tana da tsabta, ka kai rabin kilo a soya ta ita kaɗai, suya mai duhu fiye da ta Barazil ɗinka da ɗan kaɗan, amma kada ta kai ga maiƙo ya fito a jikinta. Ka bar ta ta huta mako guda. In ka yi gaggawa iskar suya tana ciki, kumfar za ta tashi kamar ta sabulu ta faɗi nan take.

Sai ka haɗa uku bayan suya, giram ɗari-ɗari: ɗaya Barazil zalla, ɗaya da giram 15 na robusta, ɗaya da giram 30. Kowanne ka zuba giram 18, ka tsayar da inji idan giram 36 ya sauka, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In ya zubo da sauri ka ƙara laushin niƙa, in yana ɗiga ka sassauta. Ka zuba madara daidai yadda kake sayarwa, ka ba yaran shagonka da mutum biyu cikin masu zuwa kullum, kada ka faɗa musu wanne ne wanne. Ka jira kofin ya ɗan huce kafin ka yanke hukunci, don zafi yana ɓoye aibi. Alamar ta yi yawa ita ce bayan ka haɗiye ka ji harshe ya bushe, ko wani ɗanɗano kamar ƙonanniyar roba a maƙogwaro. A gwaje-gwajen da na yi wa masu shaguna, tsakanin kashi 15 da 20 ne yawanci suke tsayawa.

Kafeyin kuma a kashi 20 ba zai yi tsalle ba. Haɗin zai koma kusan kashi 1.4 maimakon 1.2, wato giram 18 zai ɗauki wajen miligiram 250 maimakon 216. Ƙarin kashi ɗaya cikin shida ke nan. Sai ka kai rabi da rabi ne zai haura 300.

Maman Iman, Jidda

Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ina da juna biyu wata biyar, kuma ba na iya wuni ban sha gahawa ba. Kwanan baya maigidan ya sayo wani gari a leda, ba a rubuta komai a jiki ba sai sunan shagon. Tun da na fara shi zuciyata ke bugawa, barci ya ƙi. Da na saba finjali biyar na dalla ban jin komai. Ko robustar ce a ciki?

Hajiya Babba, Makka

'Yata ki ajiye garin nan yau ɗin nan. Abin da ba ki san cikinsa ba kada ki ba ɗan cikinki.

Baban Hafsa, Jidda

Maman Iman, ba zan iya ce miki ita ce ba tunda niƙaƙƙe ne, amma tana iya zama. Ki kuma duba yadda kike dafa shi, don finjalin dalla ɗan ƙarami ne kuma ruwan ya fi garin yawa sosai, dalla guda mai lita ɗaya giram 30 ne aka raba wa mutane da yawa. In sabon garin cokali biyu kike zuba wa kofi ɗaya ke kaɗai, ko arabika ce kin ninka abin da kika saba. Abin da ake ba masu juna biyu shawara shi ne kada su wuce miligiram 200 a yini, har da na shayi a ciki, kuma jikin mai ciki yana daɗewa kafin ya fitar da kafeyin. Ki bi maganar Hajiya, sannan bugun zuciyar nan ki faɗa wa likitar da ke duba ki, kada ki ɗora shi duka a kan gahawa.

Maman Iman, Jidda

Na gode Baba, na gode Hajiya. Gaskiya cokali biyu nake zubawa. Ina da awo ranar Talata, zan faɗa mata.

Ɗalibi a Madina

Baban Hafsa, da girmamawa, ni ina ganin kana yi wa robusta sassauci. Duk shagunan gahawa na zamani da ke cika da matasa a Jidda da Riyad suna rubuta arabika ɗari bisa ɗari. In mutum yana son jiki da kauri ai akwai arabikar Barazil ko ta Sumatara mai nauyi, ba sai ya sa abin da zai kashe ƙanshi ba. Kuma tazarar farashin ma ai shaida ce, kasuwa ba ta ƙarya.

Baban Hafsa, Jidda

Ƙanina, a kan ƙanshi kana da gaskiya. Wanda zai sha gahawa baƙa ba sukari, yana neman ƙanshin fure ko na 'ya'yan itace irin na Habasha, ko kashi goma na robusta zai dushe masa shi. Amma rubutun ɗari bisa ɗari ba ya nufin kyau. Na sha buɗe buhun arabika da ya tsufa ya koma ɗanɗanon kwali, na kuma soya robustar Indiya wankakkiya da ta fi shi tsabta a baki. Masu zuwa bufiyar Malam kuma ba su ne matasan da kake faɗa ba, ma'aikata ne da ke son kofi mai madara da sukari kafin su shiga aiki.

Farashi kuwa ba daɗi kaɗai yake aunawa ba, yana auna wahalar noma. Arabika tana son tudu mai sanyi, yawanci sama da mita 1,000, cutar tsatsar ganye tana kama ta, sanyi mai tsanani a Barazil yana ƙone ta. Robusta tana yi a ƙasa mai zafi da laima, ta fi jure cuta da ƙwari, ta fi yawan 'ya'ya. Biyetnam ce kan gaba wajen noma ta. Ciniki ma a kasuwa biyu ake yi, arabika a Niyok, robusta a Landan, kuma tazarar ba a tsaye take ba. A farkon 2023 tan ɗin robusta yana wajen dala 2,000, amma a 2024, da fari ya taɓa Biyetnam, sai da ya haura dala 5,000. Ɗanɗanonta bai canza ba a tsakani. Daga baya arabika ma ta yi nata tashin a farkon 2025. Wanda ya gina haɗinsa a kan araha kawai, a 2024 ya ga arahar ta tsere masa.

Ɗalibi a Madina

Na ji batun farashin, ban san ta taɓa kai haka ba. Amma ni har yanzu da shago nawa ne ba zan sa ba. Zan nemi Barazil mai nauyi in ƙara mata suya kaɗan.

Baban Hafsa, Jidda

Hanya ce ita ma, kuma akwai masu binta suna samun kasuwa. Sai dai kumfar ba za ta kai ba, kuma in ka matsa wa arabika wuta don ta yi ɗaci, kana ƙone abin da ka biya kuɗi dominsa ne. Malam yana iya sa wannan a matsayin kofi na huɗu a gwajinsa, masu sha su raba mu.

Ɗan Mai Wurno, Riyad

Mai Bufiya, in gwajin bai yi ba ka aiko mini kilo ɗaya da ɗanyenta. Zan soya ta irin namu da citta in ba mutanenmu a nan ba tare da na faɗa musu ba, in ga ko maganar Baban Hafsa za ta tabbata. Ni dai na san zan gane.

Mai Bufiya, Jidda

Jama'a ga inda aka kwana. Na baza robustar a takarda, tana da tsabta, ba wari, fasassun ba su da yawa. An soya rabin kilo ita kaɗai, ta huta kwana takwas, na yi kofi huɗu har da na Ɗalibi. Mutum biyar suka ɗanɗana da madara. Uku sun zaɓi mai kashi 15, ɗaya ya zaɓi Barazil mai ƙarin suya, ɗaya ya ce duk ɗaya ne a wurinsa. Mai kashi 30 babu wanda ya so, yaron shagona ya ce yana kama maƙogwaro, ni ma na ji bushewar harshen da Baban Hafsa ya faɗa.

Amma da na ba su ba madara, mai kashi 15 ɗin ma biyu sun ture shi. Ina da mutum shida ko bakwai masu shan baƙa kullum, kuma injin niƙa ɗaya gare ni. Ban san ko in sauka zuwa kashi 10 don kowa ya samu ba, ko in sayi ƙaramin injin niƙa na biyu. Dattijon dai ya dawo, jiya finjali uku ya sha. Ɗan Mai Wurno, turo mini ta akwatin sirri inda zan aika maka kilon.

Baban Hafsa, Jidda

Kashi 10 ina tsoron zai zama ba nan ba can, madara ta danne shi, masu shan baƙa kuma su ji shi. Amma bakin mutanenka ne zai faɗa, ba nawa ba. Kafin ka kashe kuɗin inji, gwada goman mako guda, ka riƙa duba kofunan masu shan baƙa in sun tashi, ka ga ko suna barin saura a ciki.